Yadda ake gina folinomiyal ɗin Taylor da zai tabbatar maka kuskure bai wuce iyakar da aka sa ba

A ce an ba ka aiki ka nemo ƙimar e^0.5, aka kuma gindaya maka sharaɗi cewa kuskurenka kada ya kai 0.0001. Abin da yawancin ɗalibai kan yi shi ne su rubuta gaɓa uku ko huɗu na jerin Taylor, su tara, su danna kalkuleta su kwatanta, in amsar ta yi kusa su ja layi. Matsalar wannan hanya ita ce ta dogara da sanin amsar tun farko. In kana da amsar, me ya kai ka ga kintace? Aikin gaskiya shi ne ka iya cewa, tun kafin ka tara ko gaɓa ɗaya, "daraja biyar ta isa, kuma ga hujjata." Wannan hujja ita ce iyakar ragowa, kuma da ita ake fara aiki, ba da ita ake rufewa ba.

Brook Taylor ya buga jerin da ke ɗauke da sunansa a 1715, amma bai ba da hanyar auna abin da aka bari in an yanke jerin a tsakiya ba. Sai a 1797 Lagrange ya fito da siffar ragowar da muke koyarwa a aji yau. Da ita za mu yi aiki.

Kayan aikin guda biyu

Kana da fankishin f, kana da wuri a inda ka san ƙimar f da ta diribetif ɗinsa cikin sauƙi. Wannan wuri shi ne cibiya. Folinomiyal mai daraja n a kewayen cibiyar shi ne:

P_n(x) = f(a) + f′(a)(x − a) + f″(a)(x − a)²/2! + … + f⁽ⁿ⁾(a)(x − a)ⁿ/n!

Ragowa kuwa ita ce ratar da ke tsakanin gaskiya da kintace, wato R_n(x) = f(x) − P_n(x). Lagrange ya nuna cewa in f yana da diribetif har zuwa na n + 1 a duk faɗin filin da ke tsakanin a da x, to akwai wata lamba c a tsakaninsu wadda:

R_n(x) = f⁽ⁿ⁺¹⁾(c)(x − a)ⁿ⁺¹/(n + 1)!

Dubi siffarta da kyau: kamar gaɓa ta gaba ce da ka bari, sai dai ba a cibiya aka auna diribetif ɗin ba, a c aka auna shi. Ita c ɗin nan ba mu san ta ba, kuma ba ma neman ta. Mun dai san unguwar da take zaune. Saboda haka sai mu nemi wata lamba M da girman diribetif na n + 1 ba ya wuce ta a ko'ina cikin unguwar, mu rubuta:

|R_n(x)| ≤ M·|x − a|ⁿ⁺¹/(n + 1)!

In kana son ka ji ma'anar wannan a jikinka, ɗauki n = 0. Mota ta tashi daga tasha, ba ka san gudun da direba yake yi a kowane minti ba, amma ka tabbata motar ba ta iya wuce kilomita 100 a awa. Bayan rabin awa, ba ka san inda take ba, amma za ka iya rantsuwa ba ta yi nisan da ya fi kilomita 50 ba. Gudun da ba ta wucewa shi ne M, rabin awar ita ce x − a. Abin da ke sama wannan tunani ne aka maimaita hawa-hawa.

Fara da rubuta alƙawarin

Kafin komai, rubuta abu uku a saman takarda: fankishin, wurin da ake son ƙimarsa, da kuskuren da aka yarda da shi, wanda ake yi wa alamar ε. A aikinmu f(x) = e^x, x = 0.5, ε = 0.0001.

Ka kula da yadda aka faɗi sharaɗin. "Kuskure ƙasa da 0.0001" daban yake da "daidai zuwa gurbi huɗu bayan ɗigo". Na biyun ya fi tsauri, domin ana fassara shi da kuskure ƙasa da 0.00005, rabin gurbin ƙarshe. Haka kuma ka duba ko wuri ɗaya ake tambaya ko fili guda, kamar duk x daga −0.5 zuwa 0.5. In fili ne, da wurin da ya fi nisa daga cibiya za ka yi lissafi.

Cibiya a nan ba ta da wahalar zaɓi. Kowane diribetif na e^x shi ne e^x, kuma a sifili ƙimarsa 1 ce. Don haka a = 0, nisa kuma 0.5. Za mu dawo kan zaɓin cibiya daga baya, domin a wasu ayyukan shi ne ke raba aikin minti biyar da aikin da ba ya ƙarewa.

Nemo M

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi zamewa. Diribetif na n + 1 shi ne e^t, kuma t tana yawo tsakanin 0 da 0.5. Tunda e^t hawa yake yi kullum, ƙololuwarsa tana ƙarshen dama, wato e^0.5.

Sai ka ga abin da ya faru: lambar da muke nema ita ce ta fito a matsayin M. Wasu a nan sukan danna kalkuleta su sa 1.6487, wanda ya mayar da aikin zagaye, an ari amsa don a tabbatar da amsa. Ba a bukatar haka. M ba dole ne ta zama ainihin ƙololuwar ba, abin da ake so kawai ta kasance a samanta, kuma ka iya kare ta da abin da kowa ya yarda da shi. Mun san e ba ta kai 3 ba, balle 4. Tushen 4 shi ne 2. Ke nan e^0.5 bai kai 2 ba, sai mu ɗauki M = 2.

Kana iya matsewa ka ce tushen 3 bai kai 1.74 ba, ka ɗauki M = 1.74. Daidai ne, amma ribar kaɗan ce. Ni na fi son M mai sauƙin lissafi a zagayen farko. In ta ba da daraja mai ma'ana, shi ke nan. In ka ga iyakar ta tsaya dab da ε ta ƙi sauka, sannan ka koma ka matse ta. M mai ɗan yawa gaɓa ɗaya ko biyu kawai za ta ƙara maka. M da ta gaza kuwa, ko da ƙiris ne, ta rushe tabbacin gaba ɗaya. In za ka taƙaita M, sama za ka kai ta.

Nemo n

Yanzu muna neman mafi ƙanƙantar n da za ta cika wannan:

2·(0.5)ⁿ⁺¹/(n + 1)! < 0.0001

Kada ka ɓata lokaci wajen ƙoƙarin warware wannan da aljabara, faktoriyal ba ya ba da kai ta nan. Gwaji ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai gajeriyar hanya: daga kowane layi zuwa na gaba, ka ninka da 0.5 ka raba da sabuwar lambar faktoriyal.

```
n = 2:  2 × 0.125    / 6   = 0.0416667
n = 3:  2 × 0.0625   / 24  = 0.0052083
n = 4:  2 × 0.03125  / 120 = 0.0005208
n = 5:  2 × 0.015625 / 720 = 0.0000434
```

A n = 4 iyakar ta ninka abin da aka yarda mana sau biyar. A n = 5 ta faɗo ƙasa da rabinsa. Daraja biyar ke nan. Ka lura har yanzu ba mu tara komai na amsar ba, amma mun riga mun san tsawon aikin da ke gabanmu.

Wani kuskure da nake yawan gani a takardun ɗalibai shi ne rikita n da n + 1. Ɗalibi ya ga 720 a ƙasa, ya san 6! ne, sai ya rubuta cewa daraja shida ake bukata. Shidan na gaɓar farko da aka bari ne. Folinomiyal ɗin yana tsayawa a x⁵, kuma gaɓoɓinsa shida ne in ka ƙirga 1 ɗin farko. Wanda ya ƙara gaɓa bai yi ɓarna ba, ya dai yi aikin da ba a sa shi ba. Wanda ya karkata ɗaya ɓangaren, ya tsaya a x⁴ yana riƙe da iyakar x⁵, shi ne ya faɗi abin da ba gaskiya ba.

In kana aiki da kwamfuta, gwajin layi shida ne:

```python
from math import factorial
h, M, eps = 0.5, 2, 1e-4
n = 0
while M * h**(n+1) / factorial(n+1) >= eps:
    n += 1
print(n)
```

Zai buga 5. Amma M kai ka ba shi, kuma wannan ɗan shiri ya ɗauka M ba ta canzawa da n, abin da ya dace da e^x da sin da cos, bai dace da ln ba.

Gina folinomiyal, ka tara da kasafi

P₅(x) = 1 + x + x²/2 + x³/6 + x⁴/24 + x⁵/120

A x = 0.5, gaɓoɓi ukun farko sun fita cif: 1, 0.5 da 0.125. Sauran ukun ba su da ƙarshe bayan ɗigo, dole a datse su, kuma kowace datsewa sabon kuskure ne da Lagrange bai yi maka alƙawari a kansa ba. Iyakarsa ta shafi abin da ka bari na jerin ne kawai. Saboda haka ka ɗauki ε kamar kuɗin cefane. Yanke jerin ya ci 0.0000434. Abin da ya rage a hannu 0.0000566 ne, kuma a cikinsa za a biya kuɗin taƙaita lambobi.

In ka riƙe gurbi shida bayan ɗigo, kowace gaɓa kuskurenta ba ya wuce 0.0000005, uku kuwa 0.0000015:

```
1.000000
0.500000
0.125000
0.020833
0.002604
0.000260
--------
1.648697
```

In kuma za ka miƙa amsar a gurbi huɗu, 1.6487, wannan taƙaitawa ta ƙarshe tana iya cin har 0.00005. Haɗa duka: 0.0000434 da 0.0000015 da 0.00005 sun ba da 0.0000949. Ya shiga cikin 0.0001, amma da ƙyar. Shi ya sa nake nace wa wannan mataki. Da a ce ka taƙaita kowace gaɓa a gurbi uku, da ka samu 1.649, kuskuren ya kusa 0.0003, alhali folinomiyal ɗinka daidai ne kuma iyakarka daidai ce. Al'adar da ta fi aminci ita ce ka riƙe aƙalla gurbi biyu fiye da waɗanda ε ke bukata har sai ka gama tarawa.

Idan tambayar "daidai zuwa gurbi huɗu" ce, ga gwajin da ba ya yaudara. Ɗauki jimlarka, ka cire duk kuskuren da zai yiwu, ka kuma ƙara shi. A nan kuskuren kafin taƙaitawar ƙarshe bai wuce 0.000045 ba, saboda haka gaskiya tana tsakanin 1.648652 da 1.648742. Taƙaita ƙarshen biyu zuwa gurbi huɗu. Dukansu sun ba da 1.6487, don haka lambobin huɗu tabbatattu ne. Da ɗaya ya ba da 1.6486 ɗaya ya ba da 1.6487, sai ka ƙara daraja.

Akwai wani ƙarin bayani da siffar Lagrange ke bayarwa kyauta, wanda alamar girma take ɓoyewa. Ragowarmu ita ce e^c sau (0.5)⁶/720, kuma e^c tana tsakanin 1 da 2. Ke nan ragowar ba ta da alamar ragi, kuma ba ta gaza 0.0000217 ba. Kintacenmu yana ƙasa da gaskiya, mun ma san da aƙalla nawa. Ainihin ƙimar ita ce 1.6487213, P₅(0.5) kuma in an riƙe gurbi bakwai 1.6486979 ne. Ratar 0.0000234 ce, tana zaune tsakanin 0.0000217 da 0.0000434 kamar yadda lissafi ya ce. Wannan dubawa da kalkuleta tana da amfani don kama kuskuren hannu, amma ba ita ce hujjar ba. In ka duba ka ga ainihin kuskure ya fi iyakarka, to akwai ɓaraka, kuma mafi yawan lokuta a M take.

M = 2 ta rufe duk filin daga −0.5 zuwa 0.5, domin a hagu e^t ƙanƙancewa yake yi. Don haka wannan P₅ ɗin yana da tabbacin 0.0000434 a duk filin. A wajen filin babu alƙawari. Gwada shi a x = 2: yana ba da 7.2667, gaskiya kuma 7.3891 ce, kuskure ya haura 0.12. Duk lokacin da ka rubuta sakamako, rubuta filin tare da shi.

Inda M ke yaudara: ln 1.2 da ln 0.8

e^x mai sauƙin hali ne. Bari mu ɗauki f(x) = ln x da cibiya a = 1, inda diribetif ke canza kama a kowane hawa. Na farko 1/t, na biyu −1/t², na uku 2/t³, na huɗu −6/t⁴. Tsarin ya bayyana: girman diribetif na n + 1 shi ne n!/tⁿ⁺¹. Ka rubuta aƙalla huɗu kafin ka yarda ka gane tsarin, domin faktoriyal ba ya nuna kansa a biyun farko. Folinomiyal ɗin, in mun sa h = x − 1, shi ne h − h²/2 + h³/3 − h⁴/4 da sauransu.

Fara da ln 1.2, ε tana nan a 0.0001. Yanzu t tana tsakanin 1 da 1.2, kuma tunda t a ƙasa take, diribetif ya fi girma inda t ta fi ƙanƙanta, wato a 1. Sai M ta zama n!. In ka raba n! da (n + 1)! abin da ke saura 1/(n + 1) ne, iyakar ta zama (0.2)ⁿ⁺¹/(n + 1). A n = 3 tana ba da 0.0004, bai isa ba. A n = 4 tana ba da 0.000064, ya isa. Tara: 0.2 − 0.02 + 0.0026667 − 0.0004 = 0.1822667. Ainihin ln 1.2 shi ne 0.1823216, rata 0.0000549, cikin iyaka.

To sai a ce maka ka yi ln 0.8. Nisa daga cibiya iri ɗaya ne, 0.2. Zuciya za ta ce maka ka kwafi aikin ɗazu, daraja huɗu, iyaka 0.000064. Bari mu ga abin da zai biyo baya. P₄ yana ba da −0.2 − 0.02 − 0.0026667 − 0.0004 = −0.2230667. Gaskiya −0.2231436 ce. Ratar 0.0000769, ta tsallake iyakar da ka yi alƙawari. Ka rubuta "kuskure ba ya wuce 0.000064" kuma ya wuce.

Dalili shi ne unguwar c ta canza. Yanzu t tana tsakanin 0.8 da 1, kuma mafi ƙanƙantarta 0.8 ce, ba cibiya ba. M ta gaskiya ita ce n!/(0.8)ⁿ⁺¹. Iyakar ta zama (0.2/0.8)ⁿ⁺¹/(n + 1), wato (0.25)ⁿ⁺¹/(n + 1). A n = 4 wannan 0.000195 ne, bai cika sharaɗi ba. A n = 5 ya zama 0.0000407, ya cika. Ƙara gaɓa ta biyar, −0.000064, ka samu −0.2231307, ainihin kuskure 0.0000129.

Mai lura zai ce ai kuskuren P₄ ɗin, 0.0000769, yana ƙasa da 0.0001, ashe daraja huɗu ta wadatar. Haka ne, ta wadatar, amma mun san hakan ne don mun leƙa amsar. Iyakar Lagrange tana ɗaukar mafi munin hali, kamar c ta je ta zauna a wurin da diribetif ya fi zafi. Idan ta ce n ta isa, ta isa. Idan ta ƙi cewa haka, ba ta ce n ta gaza ba, ta dai ce ba za ta tsaya maka shaida ba. Gaɓa ɗaya ta ƙari ita ce farashin tabbacin, kuma a ganina farashi ne mai araha.

Abin da za ka riƙe a hannu wajen neman M: rubuta filin t a fili, ka tambayi kanka ko girman diribetif ɗin hawa yake ko sauka a cikinsa. In hawa ko sauka yake kai tsaye, M tana ɗaya daga ƙarshen biyu. In yana hawa yana sauka, ka duba tsakiya ma, ko ka nemi wata lamba da ta rufe duka, kamar 1 ga sin da cos. In kuma akwai wuri a cikin filin da diribetif ke tashi ba iyaka, kamar ln ko tushe a sifili, to babu M, kuma wannan hanya ba ta aiki a filin.

Idan n ta yi yawa, matso da wurin kusa

Gwada ln 2 da cibiya 1. Nisa 1 ne, M ita ce n!, iyakar ta zama 1/(n + 1). Don ta sauka ƙasa da 0.0001 kana bukatar daraja 10,000. Ba wanda zai zauna ya tara wannan. In ka matsa zuwa ln 3 abin ya fi muni, gaɓoɓin su ne 2, 2, 2.67, 4, 6.4, suna ƙaruwa maimakon raguwa, kuma ƙarin daraja nisanta ka yake daga amsa. Alamar da za ka gane matsalar da wuri ita ce teburin gwajinka. In iyakar tana raguwa a hankali kamar tafiyar hawainiya, ko tana hawa, ka daina ƙara n, ka sake duba nisan.

Ƙarfin iyakar yana cikin |x − a|ⁿ⁺¹. In ka rage nisa da rabi a daraja biyar, wannan ɓangare ya ragu sau 64. Saboda haka ka yi amfani da halin fankishin ɗin ka kawo aikin kusa da cibiya. Ga ln, ninki yana komawa tari. Lura cewa 1.25 × 1.25 × 1.28 = 2 cif. Ke nan ln 2 = 2·ln 1.25 + ln 1.28, kuma dukansu suna kusa da 1, a gefen dama inda M ke da sauƙi.

Sai dai kasafin ya koma na mutum biyu, kuma kuskuren ln 1.25 ninki biyu za a ƙirga shi tunda an ninka shi da 2. A n = 5, iyakar ln 1.25 ita ce 0.0000407, ninki biyu 0.0000814, ta ln 1.28 kuma 0.0000803. Kowace ita kaɗai tana ƙasa da 0.0001, amma jimlarsu ta haura 0.00016, ba ta shiga ba. A n = 6 sun zama 0.0000174 da 0.0000193, jimla 0.0000367. Gaɓa shida sau biyu, goma sha biyu ke nan, a maimakon dubu goma.

Irin wannan dabara ce ake yi wa tushe. Mai neman tushen 17 ba zai sa cibiya a 1 ba, zai sa ta a 16 inda tushen yake 4 cif kuma nisa 1 ne kacal.

Sin da cos: gaɓar da ba a biya ba, da tambayar da aka juya

Ga sin x, kowane diribetif sin ne ko cos da alamar tari ko ragi, don haka M = 1 a ko'ina. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: x a rediyan take. Diribetif na sin yana zama cos ne kawai in da rediyan ake awo. In an ba ka digiri, ninka da π ka raba da 180 tukuna.

Ɗauki x − x³/6 a x = 0.3. Yana ba da 0.2955. In ka kira shi daraja uku, iyakar ita ce (0.3)⁴/24 = 0.0003375, sai ka zaci bai cika 0.0001 ba. Amma gaɓar x⁴ a jerin sin sifili ce, saboda haka wannan folinomiyal ɗin shi ne kuma na daraja huɗu. Kana da haƙƙin amfani da n = 4, iyakar ta zama (0.3)⁵/120 = 0.00002025. Ainihin sin 0.3 shi ne 0.2955202, rata 0.0000202, kusan daidai da iyakar. Duk inda gaɓa ta gaba ta zama sifili, ka ɗaga n ka ci wannan riba.

Wani lokaci folinomiyal aka ba ka, ake tambayar faɗin filin da za a amince da shi. Rashin daidaiton dai shi ne, abin da ake nema ne ya canza. Muna son |x|⁵/120 < 0.0001, wato |x|⁵ < 0.012. Gwada 0.41: in ka ninka ta da kanta har hawa biyar ka samu kusan 0.0116, ta shiga. Gwada 0.42: kusan 0.0131, ta fita. Don haka x − x³/6 yana da tabbaci a |x| ≤ 0.41, kimanin digiri 23 kowane gefe. A nan ƙasa ake taƙaitawa, domin faɗaɗa fili ko da kaɗan ne alƙawari ne da ba ka tabbatar ba.

Abin da iyakar ba ta gani a kwamfuta

Ga e^x, faktoriyal yana rinjayar kowace lamba a ƙarshe, don haka a takarda kowace x tana da n da za ta cika kowace ε. Amma gwada e^(−20) da jerin kai tsaye a kwamfuta. Amsar gaskiya kusan 0.000000002 ce. Gaɓoɓin kuwa suna hawa har su kai kusan miliyan 43 kafin su fara sauka, ɗaya da alamar tari, mai bi mata da alamar ragi. Lambobin float na Python suna riƙe kimanin lambobi 16 ne masu ma'ana, saboda haka a gaɓa mai girman miliyoyi, ƙurar taƙaitawa ta kai girman amsar da ake nema ko ta fi ta. Manyan lambobin suna cinye juna, ƙurar ce ke saura. Iyakar Lagrange za ta ce maka komai lafiya, kuma ta yi gaskiya a kan abin da ta auna, wato yanke jeri.

Yadda za ka gane kana cikin wannan hali shi ne ka kwatanta gaɓa mafi girma da amsar da kake tsammani. In gaɓoɓin suna canza alama kuma babbarsu ta ninka amsar sau dubbai, kada ka tara su haka. Lissafa e^20, inda duk gaɓoɓin tari ne ba mai cinye wani, sannan ka raba 1 da abin da ka samu.